Takardar Malamin Lissafi Zuwa ga Iyaye: Bayanin Doguwar Rabawa ta Tsarin Gida-gida

1.0 Gabatarwa

Daga cikin nau'o'in rubutun da malami ba zai guje wa yin su ba a bakin aikinsa akwai rubutun bayani zuwa ga iyayen yara. Irin wannan rubutu ya bambanta da darasin aji, domin wanda ake yi wa bayanin ba ya gaban malami, balle ya ɗaga hannu ya yi tambaya. Haka kuma ya bambanta da wasiƙar zumunci, domin akwai wani aiki takamaimai da ake son mai karatu ya iya yi bayan ya gama karantawa. A wannan babi za a kawo takardar da malamin lissafi na aji biyar na firamare ya aika wa iyaye, inda ya yi musu bayanin hanyar da 'ya'yansu suke bi wajen yin doguwar rabawa. Kafin takardar za a duba dalilin rubuta ta da kalmomin da aka zaɓa, bayanta kuma a yi sharhi a kan yadda aka tsara ta.

1.1 Dalilin Rubuta Takardar

Yawancin iyaye sun iya rabawa, ko da ba su yi karatun boko ba. Mai sayar da hatsi yana raba kuɗin buhu a kan tiyoyin da ke ciki, uwar adashi tana raba zubi, mahauta suna raba watanda kashi-kashi. Waɗanda suka yi makaranta kuwa da yawansu sun fi sabawa da gajeriyar rabawa, wadda ake yin ninkawa da ɗebewa a ka, a rubuta saura ƙanana a gefen lamba ta gaba. Matsalar tana tasowa ne idan yaro ya kawo aikin gida, uba ko uwa suka ga lissafi ɗaya ya cinye rabin shafi. Wani uban yakan soke aikin ya koya wa yaron tasa hanyar, wata uwar kuma takan ɗauka yaron ne bai fahimci darasi ba. Yaro ya wayi gari tsakanin hanyoyi biyu, ya haɗa rabin wannan da rabin waccan, ya faɗi a jarrabawa. Saboda haka manufar takardar ita ce iyaye su gane abin da kowane layi yake nufi, su kuma iya gano inda yaro ya yi kuskure ba tare da sun yi masa aikin ba.

1.2 Kalmomin da Aka Zaɓa

Kafin malami ya fara rubutu, wajibi ne ya tsayar da kalmomin da zai yi aiki da su, kuma kada ya sauya su har ƙarshe. A takardar da ke tafe an tsaya a kan waɗannan:

(a) *Abin rabawa:* adadin da za a raba.

(b) *Mai rabawa:* adadin da za a raba da shi, wato yawan waɗanda za a raba wa.

(c) *Amsa:* rabon da kowa ya samu.

(d) *Saura:* abin da ya rage wanda bai isa a ƙara zagaya kowa da shi ba.

(e) *Gida:* matsayin lamba a cikin adadi, wato gidan ɗaya-ɗaya, gidan goma-goma, gidan ɗari-ɗari da gidan dubu-dubu.

Kalmar *gida* ita ce ginshiƙin bayanin baki ɗaya. Lamba 5 a cikin 7,548 ɗari biyar take nufi, domin tana zaune a gidan ɗari-ɗari. Wannan tsari na ba lamba daraja gwargwadon gidanta ya samo asali ne daga Indiya, ya bazu ta hannun malaman ƙasashen Musulmi, musamman Muhammad bn Musa Alhawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Ita kanta kalmar *sifiri* daga Larabci Hausa ta aro ta.

1.3 Takardar

A saman takardar akwai adireshin makaranta da kwanan wata, kamar yadda aka saba a wasiƙar aiki. Ga abin da ya biyo baya:

Zuwa ga iyayen yara 'yan aji biyar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da ku cewa a wannan zango 'ya'yanku sun fara koyon doguwar rabawa ta tsarin gida-gida. Za ku ga lissafi ɗaya yana gangarowa ƙasa layi bayan layi, har ya ci wuri mai yawa a littafi. Wannan ba ɓarnar takarda ba ce. Duk abin da babba yake yi a ka, shi ne muke sa yaro ya rubuta a fili, domin idan ya yi kuskure mu ga daidai inda ya yi shi. Ina roƙon ku karanta wannan bayani a natse, da fensir da takarda a kusa.

*Misali na farko: rabon kuɗi*

A ce mutum shida sun yi aiki tare, an biya su naira 7,548, za su raba daidai wa daida. A ce kuma kuɗin sun zo kamar haka: takardar dubu guda bakwai, takardar ɗari guda biyar, takardar goma guda huɗu, da kwandalar naira ɗaya guda takwas. Na san yanzu da wuya a ga kwandala a kasuwa, amma mu ƙaddara akwai ta domin lissafin ya fita sarai. Duk wanda aka ba wannan rabo, da manyan takardu zai fara. Abin da yaro yake yi ke nan idan ya fara daga hagu.

Da farko a ɗauki takardun dubu. Guda bakwai ne, mutane shida. Kowa zai sami ɗaya, an ba da shida, saura ɗaya. Yaro zai rubuta 1 a sama, daidai kan 7, ya rubuta 6 a ƙarƙashin 7, ya ɗebe, ya sami 1.

Wannan takardar dubu guda da ta rage ba za a yaga ta shida ba. Canji za a yi, a mayar da ita takardun ɗari guda goma. Da ma akwai takardun ɗari guda biyar, sun zama goma sha biyar. Idan kun ji yaro ya ce, "Na sauko da biyar," abin da yake nufi ke nan: ya kawo 5 kusa da 1 ɗin da ya rage, sun zama 15. Takardu goma sha biyar ga mutum shida, kowa zai sami biyu, an ba da goma sha biyu, saura uku. Yaro zai rubuta 2 a sama, daidai kan 5.

Takardun ɗari uku da suka rage a canza su zuwa takardun goma, su zama talatin. A haɗa da huɗun da ake da su, sun zama talatin da huɗu. Kowa zai sami biyar, an ba da talatin, saura huɗu. Yaro zai rubuta 5 a sama, daidai kan 4.

Takardun goma huɗu da suka rage a canza su zuwa kwandala arba'in, a haɗa da takwas, sun zama arba'in da takwas. Kowa zai sami takwas cif, babu saura. Yaro zai rubuta 8 a sama, daidai kan 8. Ga yadda aikin zai kasance a littafinsa:

```
      1 2 5 8
    ---------
6 )   7 5 4 8
      6
      -
      1 5
      1 2
      ---
        3 4
        3 0
        ---
          4 8
          4 8
          ---
            0
```

Kowa ya tashi da takardar dubu ɗaya, takardun ɗari biyu, takardun goma biyar da kwandala takwas, wato naira 1,258.

Idan kun lura, abu huɗu ne yaro yake maimaitawa a kowane gida: ya raba, ya ninka, ya ɗebe, ya sauko da lamba ta gaba. Rabawa ita ce tambayar nawa kowa zai samu. Ninkawa ita ce ƙidaya abin da aka ba da gaba ɗaya. Ɗebewa ita ce duba abin da ya rage a hannu. Saukowa da lamba kuwa ita ce yin canji. Idan lambobin abin rabawa suka ƙare, babu sauran abin saukowa da shi, aiki ya kammala.

Dalilin da ya sa muke matsa wa yara su jera lambobi a miƙe, kowace a ƙarƙashin 'yar'uwarta, shi ne kowane jeri gida ne. Lambar da ta karkace ta shiga jerin da ba nata ba, kamar takardar ɗari ce ta faɗa cikin takardun goma. Saboda haka littafi mai gidan dara ya fi dacewa da wannan aiki. Idan babu shi, yaro ya ja layuka a tsaye da fensir kafin ya fara.

*Misali na biyu: inda sifiri yake ɓacewa*

Kuskuren da na fi gani a littattafan yara shi ne mantawa da sifiri a tsakiyar amsa. Mu ɗauki naira 824 a raba wa mutum huɗu. Takardun ɗari takwas ne, kowa ya sami biyu, babu saura. Sai a zo kan takardun goma, guda biyu ne kacal, mutane kuwa huɗu. Ba za su zagaya ba, wato babu wanda zai sami takardar goma ko ɗaya. Wannan "babu" ɗin dole a rubuta shi, kuma sifiri ne yake tsaya masa. Daga nan a canza takardun biyu zuwa kwandala ashirin, a haɗa da huɗu, sun zama ashirin da huɗu, kowa ya sami shida.

```
      2 0 6
    -------
4 )   8 2 4
      8
      -
      0 2
        0
        -
        2 4
        2 4
        ---
          0
```

Amsa ita ce 206. Yaron da ya yi gaggawa yakan ce, "Huɗu ba ta shiga biyu," ya sauko da 4 nan take ba tare da ya rubuta komai a sama ba, sai ya tashi da 26. Idan kun ga haka, kada ku gaya masa amsar. Ku tambaye shi: "In an raba wa mutum huɗu naira ɗari takwas da 'yan kai, kowa naira ashirin da shida zai samu?" Da kansa zai ga abin bai yi kama da gaskiya ba. Ƙa'idar da muke bi a aji ita ce, da zarar an rubuta lambar farko ta amsa, duk lambar da aka sauko da ita sai an rubuta mata lamba ɗaya a sama, ko da sifiri ce.

*Misali na uku: rabawa da lamba biyu*

Amfanin wannan hanya ya fi fitowa idan mai rabawa ya kai lamba biyu, domin a nan ne riƙe lissafi a ka yake yin wuya. Mu ɗauki littattafan rubutu 1,976 da za a raba wa azuzuwa 23. Ashirin da uku ba ta shiga 1, ba ta shiga 19, saboda haka za a fara da 197. Lambar farko ta amsa za ta zauna daidai kan 7, wato a gidan goma-goma.

Babu yaron da ya haddace jadawalin sau na 23, don haka muna sa shi ya gina nasa a gefen shafi ta hanyar ƙara 23 a kai a kai: 23, 46, 69, 92, 115, 138, 161, 184, 207. Sai ya nemi adadi mafi girma da bai wuce 197 ba. Wannan adadi shi ne 184, kuma shi ne na takwas a jerin. Ya rubuta 8 a sama, ya ɗebe 184 daga 197, saura 13. Ya sauko da 6, ya zama 136. A jerin, 138 ya wuce da biyu, don haka 115 zai ɗauka, wanda shi ne na biyar. Ya rubuta 5, ya ɗebe, saura 21.

```
         8 5
     -------
23 ) 1 9 7 6
     1 8 4
     -----
       1 3 6
       1 1 5
       -----
         2 1
```

Kowane aji zai sami littattafai 85, saura 21 a ajiye a ofis.

A irin wannan lissafi yaro yana iya zaɓen lambar da ta yi yawa ko wadda ta yi kaɗan, kuma kowanne yana da alamarsa. Da ya zaɓi 9, zai sami 207, wanda ba ya ɗebuwa daga 197, ya san ya zarce. Da ya zaɓi 7 kuwa, zai sami 161, saura 36. Wannan shi ne mai haɗari, domin ɗebewar ta yiwu, yaro yana iya wucewa bai lura ba. Amma littattafai 36 sun isa a ƙara zagaya azuzuwa 23 sau ɗaya. Don haka ga ƙa'ida ta biyu: bayan kowace ɗebewa, dole saura ya gaza mai rabawa. Idan ya kai shi ko ya fi shi, a ƙara ɗaya a kan lambar da aka rubuta a sama, a sake ninkawa.

*Yadda za ku tabbatar da amsa*

Ba sai kun sake yin rabawar ba. Ku sa yaro ya ninka amsarsa da mai rabawa, ya tara da saura. Idan ya dawo kan adadin da aka fara da shi, kuma sauran bai kai mai rabawa ba, aikin ya yi daidai. A misali na uku, 85 sau 23 ya ba da 1,955, a tara da 21, an dawo 1,976. A misali na biyu kuwa, yaron da ya sami 26 zai ninka da 4 ya ga 104, ya san akwai gyara.

*Abin da nake roƙonku*

Na ɗaya, idan kun saba da wata hanya, ku bar yaro a kan wannan har ta zauna masa. Hanyarku ba kuskure ba ce, amsa ɗaya za ta bayar. Wasu iyayen da suka yi karatu a Jamhuriyar Nijar sun saba rubuta mai rabawa a dama, amsa kuma a ƙarƙashinsa. Wurin ajiye lambobin ne ya bambanta, matakan iri ɗaya ne.

Na biyu, idan yaro ya tsaya cik, ku duba jadawalin sau tukuna. Sau da yawa ya san matakan, abin da ya tsayar da shi shi ne bai san shida sau takwas ba. Minti biyar na bitar jadawali kullum ya fi tulin lissafi a ranar hutu.

Na uku, idan kun ga kuskure, kada ku goge. Ku sa alama a gefen layin, ku bar shi ya nemo da kansa. Idan ya kasa, ya kawo mini aikin yadda yake. Aikin da babba ya gyara tsaf ba ya nuna mini inda yaro yake da rauni.

Wanda yake son ƙarin bayani yana iya samuna a makaranta bayan an tashi. Allah ya yi wa yaranmu albarka, amin.

Naku,
Malamin Lissafi, Aji Biyar.

1.4 Sharhi a Kan Takardar

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya lura da shi shi ne malamin bai fara da ƙa'ida ba. Ya fara da rabon kuɗi, wanda kowane mai karatu ya taɓa yi da hannunsa, sai da aka gama rabon sannan ya fito da matakan nan huɗu. Da ya fara da jero matakan, iyaye za su iya haddace su, amma ba za su san dalilin da ya sa ake fara rabawa daga hagu ba, alhali tarawa da ɗebewa daga dama ake fara su. Misalin kuɗi ya amsa wannan tambaya. Saura kullum daga babban gida yake gangarowa zuwa ƙarami, don haka idan aka fara da kwandaloli, dole a sake komowa kansu bayan an yi canjin manyan takardu.

Abu na biyu shi ne yadda aka fassara maganar aji. Yara suna cewa "na sauko da biyar" ko "huɗu ba ta shiga biyu", kuma waɗannan maganganu ne iyaye za su ji a gida. Malamin bai yi watsi da su ba, sai ya kawo su ya faɗi ma'anarsu: saukowa canji ne, rashin shiga kuwa rashin isa a zagaya kowa ne. Ya kamata a lura cewa maganar "ba ta shiga" ita ce take jawo ɓacewar sifiri, domin tana sa yaro ya ji kamar babu abin rubutawa. Zai fi kyau malami ya saba wa yara da cewa "ta shiga sau sifiri", ko kuma "kowa ya sami sifiri". Wannan ya nuna cewa zaɓen kalma yana iya haifar da kuskuren lissafi, yana kuma iya magance shi.

Abu na uku ya shafi faɗin adadi da Hausa. Ƙirgar Hausa tana tafiya daga babban gida zuwa ƙarami: dubu bakwai da ɗari biyar da arba'in da takwas. Wannan ya dace da tafiyar rabawa daga hagu zuwa dama, kuma taimako ne ga malami. Sai dai akwai wurare biyu da ake bukatar hattara. Na farko, baki ba ya faɗin gidan da babu komai. Ana cewa "ɗari biyu da shida", ba a ambaton gidan goma-goma, don haka yaron da yake rubuta abin da kunnensa ya ji yana iya tsallake sifirin 206. Na biyu, akwai salon ƙirga na ragi, kamar "ashirin ba ɗaya" a madadin goma sha tara, ko "talatin ba biyu" a madadin ashirin da takwas. Wannan Hausa ce ingantacciya, amma ba ta nuna lambar da ke kowane gida. A rubutu irin wannan an fi son "goma sha tara", domin ita ce ta yi daidai da 1 da 9 da ido yake gani.

Abu na huɗu shi ne tsarin misalan. Kowane misali aiki ɗaya aka ɗora masa. Na farko ya nuna matakan ba tare da wata tangarɗa ba, na biyu ya kawo matsalar sifiri, na uku ya kawo kintace da saura. An kuma zaɓi lambobin da gangan. A misali na farko kowane gida ya bar saura sai na ƙarshe, domin a ga canji sau uku a jere. Da an zaɓi adadi kamar 8,462 a raba da 2, babu gidan da zai bar saura, kuma mai karatu zai ɗauka kowace lamba ita kaɗai ake rabawa. Saboda haka wajibi ne malami ya yi lissafin kowane misali da kansa, ya tabbatar da shi, kafin ya sa shi a takarda. Kuskure ɗaya a lamba ya isa ya zubar da amincewar iyaye.

Abu na biyar shi ne ladabi. Malamin ya yi amfani da "ku" da "ina roƙonku", ya kuma faɗa a fili cewa hanyar da iyaye suka sani ba kuskure ba ce. Uban da aka nuna wa cewa iliminsa ya tsufa ba zai ƙarasa karanta takardar ba.

Duk da haka, takardar tana da iyakarta. Ba ta taɓo yadda ake ci gaba da rabawa bayan ɗigo ba, domin yara ba su kai wurin ba. Haka kuma ba ta yi bayanin cewa ma'anar saura tana sauyawa gwargwadon tambaya ba. Alal misali, idan yara 130 za su yi tafiya a motoci masu ɗaukar mutum 18, lissafi zai ba da 7 saura 4, amma motocin da ake bukata takwas ne, tun da ba za a bar yara huɗu a tasha ba. Wannan batu ya cancanci takarda ta daban. Sannan akwai iyayen da ba sa karanta boko. Domin su, ya kamata a karanta takardar a taron iyaye da malamai, a yi misalin farko da kuɗi na gaske a kan tebur.

1.5 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda malamin lissafi ya yi wa iyaye bayanin doguwar rabawa ta hanyar mayar da kowane mataki zuwa rabon kuɗi da yin canji. An ga ƙa'idoji biyu da iyaye za su iya duba aikin yaro da su, wato kowace lambar da aka sauko da ita tana da tata lambar a sama, kuma dole saura ya gaza mai rabawa. An kuma ga hanyar tabbatar da amsa ta ninkawa da tarawa. Ta fuskar harshe, an nuna muhimmancin tsayar da kalmomi tun farko, da fassara maganar aji, da kiyaye salon ƙirgar da ya dace da gidajen lambobi.

Tambayoyi

1. Yi bayanin abin da "saukowa da lamba" yake nufi, kamar yadda za ka yi wa uwar da ba ta yi karatun boko ba.
2. Wani yaro ya raba 915 da 3 ya sami 35. Gano kuskurensa, sannan ka rubuta tambaya ɗaya da uba zai yi masa domin ya gane da kansa.
3. Me ya sa 8,462 a raba da 2 bai dace ya zama misali na farko ba? Kawo naka misalin da ya dace, ka yi lissafinsa.
4. Rubuta gajeriyar takarda zuwa ga iyaye wadda za ta bayyana yadda ma'anar saura take sauyawa, ka yi amfani da misalai biyu daga rayuwar garinku.